Yadda makarantar kuɗi za ta tsara wata guda na neman ɗalibai

Ku fara a watan Agusta, tunda sabon zango Satumba ne, kuma ba yara kuke yi wa magana ba, iyaye ne masu biya.

Makon farko ku nuna makarantar a Fesbuk da zauren Wasaf na unguwa: aji, rijiyar burtsatse, banɗaki, mai gadi a ƙofa. Uwa ta fi duba banɗaki fiye da fentin bango, ni dai haka na gani. Kada a sa fuskar yaro sai da yardar iyayensa.

Mako na biyu ku faɗi kuɗin zango ƙarara, haɗe da na yunifom da littattafai. Masu ɓoye kuɗi suna cewa "a tuntuɓe mu" su ne ake wucewa, don uba yana zaton abin ya fi ƙarfinsa.

Na uku, ku buɗe ƙofa ranar Asabar iyaye su zagaya, su ga malamai.

Na ƙarshe kullum ku maimaita matakan shiga: a sayi fom, a kawo takardar haihuwa da fasfo biyu da sakamakon tsohuwar makaranta, yaro ya yi gwaji, a biya a karɓi rasit. Lambar waya ɗaya tak, kuma a riƙa ɗagawa.