Kurakurai uku wajen mayar da lol, brb da ghosting zuwa Hausa

A Maradi mun fi sabawa da taƙaitattun kalmomin Faransanci irin su mdr, amma wanda yake ciniki ko karatu da mutanen Katsina da Kano ba zai rasa cin karo da na Turancin Ingilishi a WhatsApp ba. Yawancin kuskure yana faruwa ne idan an bi haruffan, aka manta da aikin da kalmar take yi a cikin hira.

Mafi sauƙin gyara shi ne na lol. Ma'anarsa dariya ce, daidai da mdr, sai dai wasu suna zaton gaisuwar ƙauna ce, har su liƙa shi a ƙarshen saƙon ta'aziyya ko na jaje. A hirar tsara, "hhh" ko "ka ba ni dariya" ya wadatar, ga babba kuwa barinsa ya fi.

Na brb ya fi wuyar ganewa, domin fassararsa daidai take amma tana iya ɓatar da mutum. Mai rubuta shi yana nufin zai ajiye wayar na ɗan lokaci ya dawo, abin da Bahaushe yake cewa "ina zuwa" idan ya tashi daga zama. A baki ba a ruɗewa, saboda ana ganin mutum yana miƙewa, amma a rubuce babu wannan shaida. A ce mai atamfa a babbar kasuwa ya rubuta wa abokin cinikinsa: "Alhaji, kaya sun iso, yaushe za ka zo ka duba?" Shi kuma an kira la'asar, sai ya amsa da "ina zuwa". Mai shago zai fitar da kaya ya zauna jiran wanda masallaci ya nufa. Gyaran shi ne a haɗa da dalili da lokaci: "Bari in yi salla, zan amsa maka bayan minti 15."

Ghosting kuwa, ko da yake daga kalmar ghost ya fito, wato fatalwa, ba batun fatalwa ba ne, kuma ba gaba ba ce, tunda gaba tana da sanadin da aka sani. Shi ne mutum ya yanke hulɗa ba faɗa ba sallama, wato "ya ɗauke ƙafa" ko "ya yi ɓatan dabo". Abin da ya fi damuna shi ne saurin jifan mutane da wannan zargi. Alama ɗaya mai ruwan toka a gefen saƙo tana nuna cewa bai isa wayar ba, wataƙila babu rezo ko caji ya ƙare. Biyu masu ruwan toka na nufin ya isa, shuɗaye kuma an buɗe shi, ko da yake ana iya kashe shuɗin. Kafin a rubuta "ka share ni", a kira mutumin, ko a aika masa da "Malam, lafiya na ji ka shiru?"