Darasi na 6: Yadda ake rubuta bayanin ci gaban majinyaci a sashen fisiyo

Idan ka tambayi majinyaci a Aboabo ko Asawase da ke Kumasi, "Yaya jiki?" amsar da za ka ji ita ce, "Da sauƙi, Alhamdu lillahi." Haka tarbiyyarmu take, ko da mutum bai runtsa ba daren jiya saboda ciwo. Amsar tana da kyau a gaisuwa, amma idan ita ka ɗauka ka zuba a folda, wanda zai karɓi majinyacin bayanka bai ƙaru da komai ba. Wannan darasi na masu taimaka wa likitan fisiyo ne, wato likitan gashin ƙashi da motsa jiki, da kuma masu koyon aikin. Za mu koyi rubuta abin da ya faru a zama ɗaya, ta yadda wanda bai halarci zaman ba zai karanta ya san inda aka kwana.

Tsarin da ake bi sunansa SOAP. Wani likita Ba'amurke, Lawrence Weed, shi ya fito da shi a shekarun 1960. A Gana da Turanci ake cike folda, don haka a kan fom ko allon kwamfuta za ka ga kalmomi huɗu: Subjective, Objective, Assessment da Plan. Mu ɗauke su kamar ɗakuna huɗu a gida ɗaya. S ɗakin abin da aka faɗa maka ne. O ɗakin abin da ka gani ko ka auna. A shi ne fahimtar da aka yi wa waɗannan biyun. P kuma abin da za a yi nan gaba. Yawancin kurakurai daga wuri ɗaya suke fitowa: a ɗauki kayan wani ɗaki a kai wani.

Za mu bi wata Hajiya mai shekara 58, mai sayar da koko da ƙosai a Asawase. Likita ya tabbatar tana da amosanin gaɓɓai a gwiwar dama, irin wanda guringuntsi ke sirancewa. Yau zuwanta na huɗu, mako uku da fara jinya.

S: abin da aka faɗa maka

Bayan gaisuwa, sai ka matso da tambaya kusa da rayuwarta. "Mma, da kika tashi da asuba, yaya gwiwar ta yi?" Ta ce, "Ai ɗana, sai na ɗan taka kafin ta saki." Ka ce, "Kamar minti nawa?" Ta ce kafin ruwan koko ya tafasa, wajen minti 15 ke nan. Ka ga yanzu an samu abin rubutawa.

Ana auna ciwo da lamba daga 0 zuwa 10: 0 babu ciwo ko kaɗan, 10 kuma ciwon da ya fi kowanne tsanani. Hajiya ta ce idan tana hawa matakala ciwon yana kai 5. A zuwan farko 7 ta ce. Wasu ɗalibai suna kai wannan lamba ɗakin O don sun ga lamba ce. Kuskure ne. Ba kai ka auna ba, ita ta faɗa, saboda haka a S take zama.

Ka tambayi atisayen da aka ba ta na gida. Kada ka ce, "Kina yi, ko?" domin kunya za ta sa ta ce e. Ka ce, "A kwana bakwai ɗin nan, kwana nawa kika samu yi?" Ta ce huɗu, saboda da safe aka ce ta yi, ita kuwa tun ƙarfe uku na dare take kan wuta. Wannan dalili rubuta shi, zai yi mana amfani a gaba.

Akwai wani nauyi a kanmu mu 'yan Zongo: majinyaci yana magana da Hausa, mu muna rubutawa da Turanci. Idan ta ce tana da "sanyi", kada ka fassara kai tsaye, domin wani sanyin ciwon gaɓɓai ne, wani na mara ne, wani kuma jin ɗari ne kawai. Ka ce ta nuna maka wurin da hannu, ta faɗi yadda take ji: suka, zafi, nauyi ko dindiris. Idan kuma 'yarta ce ta ba da labari, rubuta cewa daga bakin 'yar ya fito.

O: abin da ka gani, abin da ka auna

A nan babu "ina jin", babu "kamar". Sai abin da wani ma'aikaci zai maimaita ya samu kusan yadda ka samu.

Ka kwantar da ita rigingine, ka ce ta lanƙwasa gwiwa da kanta iya iyawarta, ka auna da goniyomita, ma'aunin kusurwar gaɓa. Lafiyayyar gwiwa tana kai wajen digiri 135. Ta Hajiya ta dama ta kai 110, a zuwan farko kuwa 95. Ta hagu 130. Kullum ka rubuta ɓangare, dama ko hagu, ka kuma rubuta ko ita ta motsa da kanta ko kai ka tura mata, domin awon biyu ba ɗaya ba ne.

Sai gwajin tashi da zama. Ta zauna a kujera marar hannu, ta rungume hannuwa a ƙirji, ka ƙirga sau nawa za ta miƙe tsaye sosai ta koma cikin daƙiƙa 30. Yau ta yi 9, da can 6. Amma kula: idan ranar farko a doguwar kujera aka gwada, yau kuma a gajeren benci, lambobin ba za su kwatantu ba. Kujera ɗaya za a riƙe. Haka ma awon kumburi da tef: a tsakiyar ƙoƙon gwiwa aka auna da farko, a nan za a ci gaba. Yau santimita 40, da 41.

Ƙarfin tsoka ana ba shi maki daga 0 zuwa 5. Tsokar gaban cinyarta tana 4, wato tana iya ture hannunka amma ba da cikakken ƙarfi ba. Ba ta canza ba, kuma abin da bai canza ba shi ma ana rubuta shi. A ɗakin nan ne kuma ake sa aikin da aka yi yau, da adadinsa, da yadda ta jure.

Kalmomi irin su "raguwa ce" ko "ba ta da haɗin kai" ba su da wuri a folda. Hukunci ne, ba gani ba. Idan ta tsaya a na shida cikin goma ta ce gwiwa na suka, to haka za ka rubuta.

A: me wannan yake nufi?

Wannan ɗaki shi ya fi ba mutane wuya, kuma shi aka fi barinsa fanko. Za ka buɗe folda ka tarar da "tana samun sauƙi" sau takwas a jere. Ni a ganina, wanda ya rubuta haka bai yi wa majinyacin adalci ba, domin babu wanda zai gane ko jinyar na aiki ko kuwa kuɗin mota kawai take kashewa.

A nan ake haɗa S da O a auna su da burin da aka sa tun farko. Burin Hajiya biyu ne: ta tsaya minti 30 a wurin sana'a ba tare da ta nemi kujera ba, ta kuma koma yin salla a ƙasa. Sai ka tambayi kanka abu uku. An matsa kusa da burin? Da wace hujja? Me ke tare hanya?

Ciwo ya sauka da maki 2, lanƙwasa ta ƙaru da digiri 15, tashi da zama ya ƙaru da 3. Hujjar ci gaba ke nan. Amma zaman tahiya yana buƙatar gwiwa ta naɗe sosai, fiye da 110 nesa, don haka burin salla a ƙasa da saura. Ƙarfin cinya bai motsa ba, kuma mai yiwuwa rashin cika atisayen gida yana da hannu. A wannan ɗaki an yarda ka ce "mai yiwuwa", muddin ka nuna abin da ka dogara da shi a sama.

Wani lokaci S da O suna saɓawa: ta ce da sauƙi, tef kuma ya nuna kumburi ya ƙaru. Kada ka zaɓi ɗaya ka ɓoye ɗaya. Rubuta saɓanin ƙarara. Kuma ka san iyakarka. Mataimaki ba ya sa wa cuta suna, ba ya canza wanda likita ya sa. Idan ka tarar da gwiwa ta yi zafi rau, ta kumbura farat ɗaya ga zazzaɓi, ko sha-raɓa ta kumbura tana ciwo, ka dakatar da atisaye, ka kira likita nan take, sannan ka rubuta lokacin da ka sanar da shi.

P: abin da za a yi

"A ci gaba da jinya" ba shiri ba ne. Shiri yana faɗin me, sau nawa, wa zai yi, da yaushe. Kuma kowane abu a P ya kamata ya samo tushe daga A. Tun da safiya ce ta hana Hajiya atisaye, sai a mayar da shi bayan la'asar. Ƙara sabon atisaye kuwa sai da amincewar likitan fisiyo.

Ga yadda bayanin zai kasance idan an haɗa shi:

S: Ta ce gwiwar dama na yin tauri kamar minti 15 da asuba. Ciwo 5/10 a hawa matakala, zuwan farko 7/10. Tana iya tsayuwa minti 20 a wurin sana'a. Har yanzu a kujera take salla. Ta yi atisayen gida kwana 4 cikin 7, aikin safe ya hana ta.

O: Lanƙwasa da kanta: dama 110°, da 95°, hagu 130°. Tashi da zama 9 cikin daƙiƙa 30, da 6. Kewayen gwiwar dama 40 cm, da 41 cm. Tsokar gaban cinya 4/5. Babu zafi ko ja a fata. Ta yi ɗaga miƙaƙƙiyar ƙafa sau 10, zagaye 3, ciwo bai ƙaru ba.

A: Akwai ci gaba a ciwo, lanƙwasa da tashi. Ta kusa burin tsayuwar minti 30. Burin salla a ƙasa da saura. Ƙarfin cinya bai canza ba, mai yiwuwa saboda ƙarancin atisayen gida.

P: A mayar da atisayen gida bayan la'asar, kullum. Da amincewar likitan fisiyo, a ƙara hawa ƙaramar matakala sau 10, zagaye 2. Ta dawo Talata mai zuwa. A sake duk awon bayan mako biyu.

A saman bayanin ka sa kwanan wata da lokaci, a ƙasa sunanka da matsayinka da sa hannu. Rubuta shi a ranar, kafin awon wannan ya cakuɗe da na wancan a kanka. Idan ka yi kuskure, ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, ka rubuta daidai a gefe, ka sa hannu da kwanan wata. Ba a gogewa, ba a yage shafi. Abin da ke folda kuma amana ne. Dokar kare bayanai ta Gana ta shekarar 2012 ta shafi bayanan lafiya, kuma a unguwa irin tamu, inda Hajiyar nan wataƙila ƙawar mahaifiyarka ce, ko a gida ba ka da izinin ba da labarinta.

Aikin yi

Ga jimloli huɗu game da wani dattijo mai ciwon kafaɗa. Rubuta S, O, A ko P a gaban kowace. "Ya ɗaga hannun hagu zuwa digiri 100." "Ya ce ba ya iya sa riga shi kaɗai." "A sake awo ranar Alhamis." "Motsi ya ƙaru amma ciwon dare bai ragu ba." Bayan haka ka zauna da abokin karatunka, shi ya zama majinyacin da ya ce "da sauƙi", kai kuma ka yi masa tambaya uku da za su ba ka abin rubutawa a ɗakin S.