Yadda Ake Shigar da Ranar Haihuwa Daidai a Fom

Da farko, duba alamar da ke cikin akwatin. Idan an rubuta DD/MM/YYYY, rana ce ke gaba, amma a MM/DD/YYYY, tsarin Amurka, wata ke gaba. Wanda aka haifa ranar 5 ga Maris 1998 zai rubuta 05/03/1998 a tsari na farko, 03/05/1998 a na biyu, kuma idan ya juya su, fom zai karɓa ba gargaɗi, ya mayar da haihuwarsa 3 ga Mayu.

Idan kalanda ce ta buɗe, taɓa shekarar da ke sama ka zaɓi 1998 tukuna, domin komawa baya wata-wata ɓata lokaci ne, sannan ka zaɓi wata da rana. Kafin ka tura, gwada abin da ya fito da takardar haihuwarka.