Yadda ake saita sulo moshin da taim-lafs a waya, da irin abin da ya dace da kowanne

Kafin ka taɓa wani saiti ka tambayi kanka, abin nan da zan ɗauka minti nawa yake ci a zahiri? In abu ne da ke wucewa kafin ido ya kama shi, kamar naushin ɗan dambe ko doki ya yi tsaye cak a gaban fada ran hawan sallah, to aikin sulo moshin ne. In kuma abu ne da ba wanda zai iya zaman kallonsa daga farko har ƙarshe, zanen lalle, haɗuwar hadari, cikar kasuwa, nan ne taim-lafs ke shigowa. Mutum na magana ko yana tafiya abinsa kuwa a bar shi a bidiyo na yau da kullum don Allah, ni dai yana damuna yadda ake mayar da bidiyon biki gaba ɗaya sulo, ango na takawa minti biyu ba abin da ya faru.

Bidiyo hotuna ne a jere, galibi 30 cikin kowane sakan, shi ne 30 fps da kake gani a sikirin. A sulo wayar na ɗaukar 120 ko 240 a sakan sannan ta nuna maka su 30 30, shi ya sa 120 ke ja da abu baya ninki huɗu, 240 kuma ninki takwas. Wato sakan 5 da ka ɗauka a 240 zai koma sakan 40 wurin kallo, ka ga ke nan ba a daɗewa ana ɗauka.

A iPhone ka shiga Settings, sai Camera, sai Record Slo-mo ka zaɓi 120 ko 240, ka dawo kyamara ka ja zuwa SLO-MO. A Samsung da Tecno da Infinix yawanci yana cikin More, za ka ga Slow motion. Wasu Samsung na da Super Slow-mo na 960, amma ƙasa da sakan ɗaya yake kamawa kuma hoton ba ya kai kyau, sai abu irin fashewar balan-balan.

Mu ɗauki mai shayi. Ka tsaya kusa, kamar taku biyu, ta gefensa yadda hasken rana zai bugi ruwan shayin ta baya ko ta gefe. Ka danna sikirin a kan kofin ka riƙe har ya kulle, a iPhone za ka ga AE/AF LOCK, wato haske da saitin hoton sun tsaya a kan kofin, in ba haka ba da hannunsa ya motsa wayar za ta hau neman wani wuri hoton ya dushe. Ka fara ɗauka tun kafin ya ɗaga kofin, ya tsiyaya sau biyu ka tsayar. A 240 za ka ga shayin na saukowa a murɗe, kumfa na tashi, ɗigo ɗigo na fallatsa gefen kofi, abin da kullum kana zaune a bencin amma baka taɓa gani ba. Bayan nan a iPhone ka buɗe bidiyon ka danna Edit, akwai ƴan sanduna a tsaye a ƙasa, ka ja su yadda tsiyayar kawai za ta zama sulo, farko da ƙarshe su tafi daidai. Wannan gyaran shi ke sa abin ya yi daɗin kallo.

Babbar matsalar sulo haske ce. A 240 kowane hoto ɗan lokacin da yake samu na shan haske bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na wanda zai iya samu a 30 ba, don haka a cikin ɗaki sai ka ga bidiyon ya yi duhu da ɗige-ɗige. Ga kuma wutar nefa, tamu 50Hz ce, ƙwai da yawa na kyaftawa sau 100 a sakan, ido baya gani amma sulo na kamawa, sai ka ga hoton na walƙiya ko wasu layuka na yawo. In ka ga haka ba wayarka ce ta lalace ba, ka fito waje. Mai shayin dare dai ka haƙura da shi. Da hantsi ko bayan la'asar ya fi, kuma ƙurar da doki ke tayarwa in rana na bayanta kyau take yi sosai. In hasken ya ragu ka sauko 120, ga sheƙar gero ko sukuwa ma ya wadatar.

Taim-lafs kuma akasin haka ne, wayar na ɗaukar hoto ɗaya ta jira ta sake ɗauka, sannan ta haɗa su. Ba ya ɗaukar murya, ka san da wannan tun farko. A Samsung sunansa Hyperlapse, sauran TIME-LAPSE, kuma da yawa za su baka zaɓin gudu irin 30x ko 60x. Ita iPhone ba ta tambayarka, da kanta take daidaitawa, ko minti ashirin ka yi ko awa biyu bidiyon zai fito tsakanin sakan 20 zuwa 40.

Lissafin ba wuya. A ce ƙanwarka za a yi wa lalle, mai zanen ta ce awa ɗaya za ta ci, kai kuma sakan 30 kake so. Awa ɗaya sakan 3600 ne, raba da 30, ya baka 120, to 120x kake nema, wato hoto ɗaya duk bayan sakan 4, jimilla hoto 900. In wayarka iyakarta 60x ne bidiyon zai fito minti ɗaya, sai ka yanke. Ka nemi izini tukuna, kuma hannun kawai za a nuna ba fuska ba. Wayar kada a riƙe ta a hannu ko kaɗan, motsin da baka ji ba a 120x girgiza ce mai sa jiri, a samu abin kafa waya ko a jingina ta da littattafai daga sama tana kallon hannun, a sa matashi a ƙarƙashin hannun don kada ya riƙa fita daga hoto. Ka kulle haske kamar ɗazu, in ba haka ba duk wanda ya gifta ta ƙofa hoton zai yi haske ya yi duhu. Sai ka sa Airplane mode, kira ɗaya na iya katse maka aikin awa guda.

Gudun na bin abin da ake ɗauka. Cunkoson Tsohuwar Kasuwar Sakkwato ko jama'a na cika filin idi 10x zuwa 30x ya isa, in ka wuce haka mutane ɓacewa suke yi ba a gane komai. Hadarin da ke haɗowa daga gabas da damina 30x ko 60x, minti ashirin a 60x sakan 20 ke nan. Aikin baduku na ɗinka jaka ko magini na ɗora bulo su ne na 120x zuwa sama. Sharaɗi dai a samu bambanci tsakanin hoton farko da na ƙarshe, hannu fari ya koma cike da zane, fili ba kowa ya koma maƙil.

Sai zafinmu na Sakkwato. Daga Maris zuwa Mayu ana wuce digiri 40, waya na ɗaukar awa guda a rana za ta yi zafi ta rufe kyamara da kanta. Ka cire mata riga, ka ajiye ta a inuwa ko da abin da ake ɗauka na cikin rana, ka rage hasken sikirin, kuma ka cika caji tun kafin ka fara don caji ana ɗauka ƙara mata zafi yake. In dole sai an jona fawa banki to aikin ya zama na safe.