An ga kitse a hantarka a sikanin: yadda za ka karanta sakamakon da abin da za ka yi

Sau da yawa mutum kan je sikanin ciki don wani dalili dabam, sai a miƙo masa takarda an rubuta cewa akwai kitse a hantarsa, da Grade I, II ko III a gefe. Kafin hankali ya tashi, ka san cewa wannan lamba tana nuna yawan kitse ne kawai. Ba ta nuna ko hantar ta fara yin tabo, alhali tabon shi ne abin tsoro.

Da farko, fahimci abin da mai sikanin ya gani

Na'urar tana aika sauti cikin jiki, ta zana hoto da abin da ya dawo mata. Kitse yana mayar da sauti sosai, don haka hanta mai kitse takan fito da haske a allo. Mai aikin yakan gwada ta da ƙodar dama da ke maƙwabtaka da ita, domin lafiyayyar hanta kusan launinsu ɗaya.

A Grade I hanta ta ɗan fi ƙoda haske, amma ana ganin bangon jijiyoyin jinin cikinta sarai, ana kuma ganin tantanin da ya raba ƙirji da ciki. A Grade II hasken ya ƙaru har bangon jijiyoyin ya fara dusashewa. A Grade III sautin ba ya ratsawa da kyau, sai can bayan hantar da wancan tantani su ƙi fitowa.

Wannan hukunci ne na ido. Ma'aikata biyu suna iya kallon hanta ɗaya, wannan ya ce I, wancan ya ce II, musamman in na'urorinsu sun bambanta ko mutum yana da teɓa. Kada ka ɗauka cutar ta ci gaba don kawai lambar ta sauya daga wannan wurin awo zuwa wancan.

Sai a nemo sanadi

Kai takardar wurin likita, ka faɗa masa gaskiyar komai. Abubuwan da suka fi jawo kitsen su ne ƙiba, musamman ta ciki, ciwon suga, yawan maiƙo a jini, da giya. In kana sha, ka faɗi adadin yadda yake, domin maganin ya danganta da hakan. Ka tafi da duk magungunan da kake sha, har da na gargajiya da na ƙarin ƙiba, saboda wasu, irin su sitiroyid da tamokzifen na kansar mama, suna tara kitse a hanta. Ka nemi a auna sugan jini, maiƙon jini, hawan jini, da ciwon hanta nau'in B da C. A ganina kuskure ne babba a bar gwajin B da C don an riga an ga kitse, domin suna iya haɗuwa a hanta ɗaya.

Awon da ya fi lambar sikanin muhimmanci

Ana buƙatar shekarunka da abubuwa uku daga gwajin jini: AST da ALT, waɗanda ke fitowa daga ƙwayoyin hanta in sun ji rauni, da PLT, wato ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Da su ake lissafin FIB-4, wanda ke ƙiyasta ko hanta ta yi tabo mai yawa:

```
FIB-4 = (shekaru × AST) ÷ (PLT × √ALT)
```

Ana saka PLT a dubbai, wato 250 a madadin 250,000. In sakamakon bai kai 1.3 ba, da wuya a ce akwai tabo mai yawa. In ya haura 2.67, sai a ga likitan hanta. Abin da ya faɗa tsakani yana buƙatar ƙarin awo, galibi FibroScan, mai auna taurin hanta. Shi ma in bai kai 8 kPa ba, wato ma'aunin taurin, alama ce mai kyau.

A ce ga mutum ɗan shekara 48, sikanin ya nuna Grade III, AST 40, ALT 64, PLT 250. A sama, 48 sau 40 ya ba da 1,920. A ƙasa, tushen 64, wato √64, shi ne 8 domin 8 sau 8 ne ke ba da 64, sau 250 ya zama 2,000. Sakamako 0.96. Kitsensa yana da yawa, amma hantar ba ta nuna alamar tabo mai tsanani ba. Ga kuma wata mai shekara 58 da ciwon suga, takardarta Grade I kacal, AST 60, ALT 49, PLT 140. Sama 3,480, ƙasa 140 sau 7 ya ba da 980, sakamako 3.55. Ita ce ya kamata a tura wurin ƙwararre ba tare da jinkiri ba, ko da yake lambarta ta sikanin ta fi ƙanƙanta. Hasali ma, in tabo ya yi nisa kitsen kan ragu.

Lissafin yana da iyaka. Ba a dogara da shi ga wanda bai kai shekara 35 ba, kuma ga wanda ya haura 65 ana ɗaga iyakar ƙasa daga 1.3 zuwa 2.0. Ba a yin sa lokacin da mutum ke cikin wata rashin lafiya mai zafi. Sannan ALT da ya fito daidai ba ya tabbatar da cewa hanta lafiya take.

Rage nauyi, amma da awo

Ga mai ƙiba, wannan shi ne magani mafi ƙarfi. Rage kashi 5 cikin 100 na nauyi yana rage kitsen. Kashi 7 zuwa 10 yana kwantar da kumburi, kashi 10 zuwa sama kuma yana iya sassauta tabon kansa. In mutumin nan ɗan shekara 48 yana da kilo 90, zangonsa na farko kilo 4.5 ne, na ƙarshe kilo 9. A tafi a hankali, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, domin zubar da nauyi farat ɗaya yana jawo tsakuwar matsarmama.

Fara da abin sha mai zaƙi. Lemon kwalba da ruwan 'ya'yan itace na kwali suna ɗauke da nau'in sukarin da hanta ke mayarwa kitse kai tsaye. Mutane da yawa suna barin mai su ci gaba da shan zaƙi, sai su yi mamakin rashin sauyi. Daga nan rage abincin farar fulawa da yawan sitaci a faranti, ka ƙara ganye, dangin wake da kifi. Ka yi tafiya mai sauri ta minti 150 a mako, misali minti 30 sau biyar. Motsa jiki yana rage kitsen hanta ko da sikeli bai motsa ba. Giya kuwa a bar ta, in akwai tabo babu ko kurɓi ɗaya.

Ina roƙonka ka guji haɗe-haɗen da ake tallatawa da sunan wankin hanta. Babu wanda aka tabbatar yana cire kitse, wasu kuma su ne ke ƙona hantar. Kada kuma ka ajiye maganin rage maiƙon jini na sitatin don tsoron hanta sai da shawarar likita, domin ciwon zuciya ya fi ciwon hanta kashe masu wannan matsala. A 2024 Amurka ta amince da maganin resmetirom, amma na masu tabo matsakaici zuwa mai yawa ne, ba na duk wanda aka ga kitse a sikaninsa ba.

Bibiya

In FIB-4 ya fito ƙasa, a maimaita shi bayan shekara 2 zuwa 3, mai ciwon suga kuma bayan shekara 1 zuwa 2. Yawan komawa sikanin ba ya ƙara komai. Awon ƙugu da sikeli da gwajin jini sun fi nuna ci gaba. Amma in ido ya yi rawaya, ciki ko ƙafafu suka kumbura, aka yi aman jini ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ko mutum ya fara ruɗewa da yawan barci da rana, a tafi asibiti a ranar, kada a jira lokacin da likita ya sa.