Yadda ake rubuta wa banki bayani idan ka biya kuɗi da kati kaya ba su iso ba

Inda mutane suka fi faɗuwa a wannan takarda shi ne layin farko. Haushi ya sa mutum ya rubuta "an damfare ni, ban san da wannan cirar kuɗi ba". Sai banki ya shigar da ƙorafin a layin satar kati, mai shago kuwa ya kawo shaidar cewa kai ka yi odar da hannunka, ƙorafi ya rushe. Ka faɗi yadda abin yake: ni na saya, ni na biya, kaya ne ba su zo ba. A tsarin Visa lambar wannan dalili 13.1 ce, a fom za ka ga `Merchandise/Services Not Received`. Idan taransifa ka yi kai tsaye zuwa asusun mai shago, wannan hanya ba taka ba ce, ta masu kati ce.

Kafin ka rubuta komai, nemi mai shagon a rubuce. Banki zai tambaya ko ka yi ƙoƙarin sasantawa da shi, kuma kiran waya ba ya barin shaida. Imel ɗaya ya wadatar, ka ba shi mako guda.

Bayanin kansa kada ya wuce shafi ɗaya, kuma ranaku ne ƙashin bayansa. Ga misali:

"Ranar 3 ga Maris na sayi takalmi ƙafa biyu a shagon nan da katina mai ƙarewa da lamba kaza. An yi alkawarin kawowa ranar 17 ga Maris. Har yau ban karɓa ba, babu kuma wanda ya karɓa a madadina. Na aika imel ranar 20 da 27 ga Maris ina neman kayan ko kuɗina, ba amsa. Ina neman a dawo mini da kuɗin gaba ɗaya."

Jimlar "babu wanda ya karɓa a madadina" kada ka tsallake ta. Makamin mai shago shi ne takardar kamfanin aika kaya mai nuna an kai. Don haka ka buɗe shafin bibiyar kayan tun yanzu, ka ɗauki hotonsa. In ya nuna an kai alhali ba ka gani ba, faɗi haka da kanka, ka nuna adireshi ko sa hannun ba naka ba ne.

Ranar alkawarin kawowa ma tana da nauyi, domin a tsarin Visa daga ita ake iya ƙirga kwana 120 na shigar da ƙorafi. Wasu masu shago sun san haka, shi ya sa suke jan mutum da "yi haƙuri, yana hanya".

Haɗa rasit, tabbacin oda da imel ɗin, ka sa hannu da kwanan wata. Sunan shagon ka kwafe shi yadda ya fito a bayanin asusunka, don sau da yawa yakan bambanta da na shafinsu. Karɓi lambar ƙorafi kafin ka tashi.