Yadda Ake Mayar da Silaid da Handawut Su Zama Tambayoyin Jarrabawa

Kafin ka buɗe silaid, nemo takardun jarrabawar kwas ɗin na shekara 2 ko 3 da suka wuce. Duba kalmar da kowace tambaya ta fara da ita: lissafa, bayyana, kwatanta, ko lissafi ake so ka yi? Sai ka duba makin da aka sa mata. Tambaya mai maki 3 galibi abubuwa 3 take nema. Da wannan ma'aunin za ka yanka naka tambayoyin.

Daga nan ka ɗauki lakca guda, ka ware silaid ɗin da ke ɗauke da ma'ana, sharaɗi, dalili ko jerin matakai. Na gabatarwa da na ado ka tsallake su. Lakca mai silaid 30 tambaya 12 zuwa 15 sun ishe ta. Idan ka kai 40, kwafa kake yi, ba zaɓe ba.

A ce silaid ɗin na Dokar Ohm ne, wadda ta danganta ƙarfin lantarki, gudunsa da turjiyar da ke rage gudun: `V = IR`, ga kuma ɗan rubutu a ƙasa cewa tana aiki ne muddin zafin waya bai canza ba. Mafi yawan ɗalibai sai su rubuta "Mece ce Dokar Ohm?" su wuce. Wannan ta yi faɗi, ko rabin amsa ka kawo za ka ce ka ci. Raba ta uku. Ta farko: "Rubuta dokar, ka faɗi abin da kowane harafi yake nufi." Ta biyu: "Wane sharaɗi ne dole ya cika kafin ta yi aiki?" Ta uku ta lissafi: "An haɗa batir mai bolt 12 da turjiya mai om 4, amfiya nawa za su gudana?" Amsa 3. Idan handawut ya ambaci ƙwan fitila mai zare, ƙara ta huɗu: "Me ya sa ba ya bin dokar?" Saboda zaren yana ɗaukar zafi, turjiyarsa na ƙaruwa. Irin wannan ɗan rubutun na ƙasan silaid malamai ke son tambaya, shi kuma ido ya fi tsallakewa.

Rubuta tambaya a gaban kati, amsa a baya, tare da lambar silaid don ka koma idan ka yi shakka. Kada amsa ta wuce layi 2. Ka kula kuma kada tambayar ta tona amsarta: "Shin zafi yana shafar turjiya?" ko da canki-canka za a ci ta.

Rufe handawut, ka amsa a rubuce, ba a zuci ba, domin gane abu idan ka gan shi daban yake da fito da shi daga ka. Gwada washegari, sai bayan kwana 3, sai bayan mako. Katin da ka kasa amsawa sau 2 a jere, duba shi da kyau: sau da yawa tambaya biyu ce a cunkushe, sai ka raba ta.